Layi na Huɗu a Waƙar Mama

Mai Ƙafiya ake ce masa, kuma ba a banza ba. Tun yana saurayi yake rubuta wa mawaƙa baituka, bai taɓa barin layi ya kauce wa ɗan'uwansa ba. In waƙa ta fara da "ya", da "ya" za ta mutu. Matasa kan kawo masa nasu ya duba. In ya ga an haɗa "rana" da "sama", sai ya miƙa wa mai ita takardarsa ya ce, "Gurguwa ce. Kai ta wurin mai ɗori."

Matarsa ta rasu a asibiti bayan doguwar jinya. Da aka kwana biyu ya rubuta mata waƙa, ya ce autarsu ce za ta rera, tunda ita Allah ya ba murya. Shi ya kai su ɗakin ɗaukar sauti na Dogo da hantsi.

Ɗakin ƙarami ne, an manna soso a bango, an kashe fanka don kada ƙararta ta shiga faifai. Auta na bayan gilashi, ita da makirfo. Dogo na gaban kwamfuta, gwiwoyinsa na dukan tebur. Tsohon na kan kujerar roba, sandarsa tsakanin ƙafafu, yana kaɗa kai.

Auta ta ɗauko baitin farko:

"Uwar gida mai gaskiya,
Kin bar mu da ciwon zuciya,
Kin yi zama ba hayaniya..."

Sai ta tsaya. Kiɗa ya ci gaba shi kaɗai.

Dogo ya danna maɓalli ya ce, "Hajiya Auta, layi na huɗu ya tafi kasuwa ne? Mu sake."

Aka sake. Nan ta kuma tsayawa. Ta cire abin kunne ta fito, takarda a hannunta.

"Baba, wannan layin ba zai fita a bakina ba."

"Me ya same shi?"

"Ka ce, 'Kin tafi kina dariya.' Mama ba ta tafi tana dariya ba."

"Waƙa ce. Ba rahoton likita ba."

"To ai ni zan faɗa, kuma ni ce a gefen gadon."

Tsohon ya gyara zama. Ya san abin da ta sani. Likita ya hana a ba marar lafiyar komai ta baki, saboda tiyon da ke hancinta. Auta ce ke jiƙa auduga tana shafa mata a leɓe. Shi kuwa yana baranda a tsaye, ya juya baya, yana kallon motocin da ke ƙasa.

Ya ce, "Me kike so a sa?"

"Abin da ya faru. Kin tafi kina neman ruwa."

"Ruwa!" Ya buga sanda a ƙasa. "Gaskiya, zuciya, hayaniya, sai ruwa? Ni? Abokan sana'a su ji wannan, in sa fuskata ina?"

"To nemo wanda ya dace, amma ya zama gaskiya."

Wannan ai aikinsa ne. Ya lumshe ido, leɓensa na motsi.

"Kin tafi bayan shan wuya."

"Wannan na uwar kowa ne, Baba. Wa ya mutu bai sha wuya ba?"

Ya haɗiye maganar. Ya sake lalube. Kalmomi suka yi ta zuwa kamar yadda suka saba, a jere, kowace da wutsiyarta: tsintsiya, tafiya, moriya, duniya. Ya kama ɗaya da sauri.

"Kin tafi kina neman ruwan rijiya."

"Rijiya? A hawa na uku na asibiti?"

Dariya ta kuɓuce wa Dogo ta hanci. Ya mayar da ita tari, ya duƙa ƙarƙashin tebur wai yana gyara waya. Ai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Tsohon ya ji layin da kunnensa, ya ji shi kamar waƙar yara a filin wasa. Matar da suka yi zaman aure tun ba su da kujera, ga shi ya tura ta bakin rijiya don harafi biyu su yi daidai. Da wani yaro ne ya kawo masa wannan layin, da ya kore shi har bakin titi.

Auta ba ta yi dariya ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Ya sunkuyar da kai ya shiga tauna kalmomin a hankali, yadda ba mai ji. Hayaniya. Ruwa. Ya, wa. Baki a buɗe yake ƙarewa a duka biyun, numfashi ya ja tsawo ɗaya, murya ta tsaya a sama. Leɓe kawai ke ɗan tattaruwa kafin ya saki. Ba tagwaye ba ne, amma 'yan ɗaki ɗaya ne. Kunnensa ya san haka tun ba yau ba. Girman kai ne bai sani ba.

Bai ɗago ba ya ce, "Shiga ki faɗa mu ji."

Ta koma bayan gilashi. Dogo ya fito daga maɓoyarsa, ya miƙa wa tsohon abin kunne da hannu biyu, ya saki kiɗa.

Layi uku suka wuce sumul, kunne ya miƙe ƙafa yana jiran "ya" na huɗu. Sai ga "ruwa". Amon bai karye ba. Ya ɗan gurɗe ne kawai, kamar ƙafar da ta taka tsakuwa, kuma daidai wurin da ya kamata mai sauraro ya ji zafi. Muryar Auta ta yi rawa a kan kalmar, ta riƙe ta har ƙarshe.

Dogo ya tsayar da na'ura. Ya share hanci da bayan hannu.

"Baba, in kana jin nauyin abokan sana'a, zan iya ɗaga kiɗa a wurin. Ya rufe kalmar, ba mai lura."

"Sauke shi."

"Na'am?"

"Kiɗan. Sauke shi a wurin. A ji ta."

Auta ta leƙo ta ƙofa tana jiran hukunci. Ya so ya ce ya yi kyau, bakinsa bai saba ba. Abin da ya fito daban ne.

"Ta daɗe tana neman ruwan?"

"Ai ka ji, Baba. Ƙofar ɗakin asibitin a buɗe take."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ya gyaɗa kai. Dogo ya sami abin dubawa a kwamfuta.

Can Dogo ya ce, "Mu wuce baiti na biyu?"

"Dakata."

Tsohon ya karɓi takardar daga hannun 'yarsa, ya nisanta ta da ido don ya gani. Baituka ne cike da shafi, kowane layi da "ya" ɗinsa a gindi, tsaf kamar haƙoran roba. A na biyu ya ce ba ta taɓa ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Matar da maƙwabta ke jin faɗanta ta katanga. A na uku ya kira ta tauraruwar duniya, ita da ko hoto ba ta yarda a ɗauke ta. Ya rasa wanne ya rubuta don ita, wanne don harafi.

Ya jawo wata kujerar roba kusa da tasa, ya ciro biro daga aljihu.

"Zauna, Auta. Karanta mini daga sama. Duk inda ba ita ba ce, ki tsaya."

Ta zauna. Ba ta yi nisa ba ta tsaya.