Dalar da Baba Ya Ɗaure

"Da yarinyar ta fassara masa daidai, da bai sa hannu ba."

Baffa Ghali, ƙanen Baba, shi ya faɗa wa wani abokinsa haka a ƙofar shagonmu na unguwar Habbena. Ina ciki ina goge famfuna, bai san ina ji ba.

Baba famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana yake shigowa da su daga ƙasar Sin. Da dala yake biya, da sefa yake sayarwa. Hausa da Larabci yake ji, ba ya jin Faransanci, shi ya sa tun da na gama lise, wato sakandare, nake binsa banki.

A watan Maris ƙungiyar manoman Walia suka yi ciniki da shi. Aka yanke farashi da sefa, kuɗin masu kamfanin famfunan na Sin kuma sai Yuni za a tura. Sefa ɗaure take da yuro, amma dala yadda ta ga dama take yi. Shekarun baya ta taɓa tashi tsakanin oda da biya, ta cinye ribar Baba har ya sayar da filinsa na Goudji.

Ma'aikacin bankin, Musye Zakariya, ya ce akwai hanya. Za a ɗaure farashin dala na yau: a Yuni banki zai sayar wa Baba kowace dala a sefa ɗari shida da ashirin da biyar, ko nawa ta kai a kasuwa. Baba zai ajiye wani abu jingina.

"Ki gaya masa da kyau," in ji shi. "Wannan alkawari ne, ba zaɓi ba. In ta sauka ma a haka zai saya."

Na faɗa. Na san na faɗa. Amma kaina a sunkuye, muryata ƙasa-ƙasa, kuma Baba yana kallon takardar ne, ba ni ba. Ya ce, "To," ya sa hannu. Na so in ce, Baba ka gane? Kunya ta hana ni. Yaya 'ya za ta tambayi ubanta haka a gaban baƙo?

Sai dala ta yi ta sauka. Kafin Yuni ta koma wajen ɗari biyar da saba'in. Masu shagon da ke kallonmu, da ba su ɗaure komai ba, suka rage kuɗin famfunansu. Na manoma an riga an yi ciniki, ribar tana nan yadda Baba ya lissafa, amma ragowar kayan da za su zauna a shago sun fi na kowa tsada.

"Yaya, ka sayi laima ranar da ba hadari," Baffa ya ce muna cin abinci. "Ka je ka ce ka fasa mana."

"In na fasa, bambancin za su cire a jinginata. Ci abincinka."

"Da Zainulabideen ka tafi da shi. Shi aƙalla ana jin muryarsa."

Zainulabideen ɗan Baffa ne. Baba ya ci gaba da cin abincinsa. Tun daga ranar na daina haɗa ido da shi. In ya kira ni in kawo shayi, sai in ajiye in fita. Zuwa bankin nan shi kaɗai ne abin da muke yi tare, ni da shi, kuma ina ganin ya ƙare.

Ranar biya ya fito da babbar riga, ya tsaya a tsakar gida.

"Hamdiyya, ɗauko mayafinki."

A banki Musye Zakariya ya juyo mana da allon kwamfuta, farashin yau a gefe, namu a gefe. Na fassara duka biyun, wannan karon da ƙarfi, har wata mata ta waiwayo. Baba ya biya a ɗari shida da ashirin da biyar, aka tura wa masu kamfani. Fuskarsa ba ta canza ba.

Musye ya tambaya ko za a ɗaure odar Satumba.

Baba ya daɗe yana shafa gemu.

"Ki ce masa rabi. Abin da na riga na yi cinikinsa a ɗaure, sauran a bar wa Allah."

Na faɗa. Na kasa gane ko darasi ya ɗauka, ko dama ya san abin da yake yi tun farko.

Muka fito rana tsaka. Ya sayi ruwan karkanji, wato zoɓo, leda biyu, ya miƙo min ɗaya. Muka tsaya a inuwar darbejiya muna jiran mota, babura suna ta wucewa. Ledar tana ta ɗiga a hannuna, ban ma huda ta ba.

"Baba."

"Na'am."

"Ran nan da na ce maka ko ta sauka a haka za ka saya, ka ji ni kuwa?"