Wayar Ta Ce Gobe

Mijina Torkuma ba ya jin maganar mutum, sai ta waya. Tun da ya saita ta, kullum da safe yana kashe alam sai wata muryar Baturiya ta fara: yanayin gari, sai abin da ke kalandarsa na ranar, sai ayyukan da ya jera. Shi kuwa yana goge baki, yana neman safa, yana gyaɗa mata kai. Ni in na faɗa masa abu, ko kallona ba ya yi, sai ya ce in saka a kalanda. Shekara goma sha takwas da aure, wai ni ce zan bi ta hannun waya. Haushi kamar ya kashe ni.

Matar nan ko Hausa ba ta iya ba. In ta zo kan sunan garinsu "Agyaragu" sai ka ce ta haɗiyi ƙashin kifi. Amma shi ya saba da kwamacalarta, yana ganewa tsaf.

To, Mama, uwarsa, yanar ido ta rufe mata gani. Wasu likitoci baƙi suka zo nan garin Lafiya suna aiki kyauta, na yi kwana biyu ina bin layi kafin na samo mata kati na ranar Talata, ranarsu ta ƙarshe. Aikin Torkuma ɗaya ne: ya ɗauko ta daga Agyaragu da safe. Ranar Litinin da yamma na karɓi wayarsa, na shiga Talata a kalanda, na rubuta. Har na nuna masa, ya ce madalla, idonsa na kan ƙwallo.

Talata da asuba na bi mota ƙauye sarin doya, inda ko sabis babu. Sai la'asar na dawo, na tarar da shi a ƙofar gida, ya dawo daga ofis, yana cin gyaɗa hankali kwance. Na tambayi idon Mama. Ya ce ai gobe ne, waya ta faɗa.

Na hau shi da faɗa, ban bar masa komai ba, har maƙwabciyarmu Jumai ta leƙo. Shi dai ya ce wa wayar ta karanto na yau. Ta yi Turancinta, sannan ta karanta kan maganar yadda aka rubuta, da karyayyen harshenta: "Gobe a kai Mama asibiti."

Ni na rubuta goben nan da hannuna. Ranar Litinin da na rubuta, ai Talata gobe ce.

Muka hau mashin sai Agyaragu. Muka samu Mama a kan benci a bakin zaure, ta ɗaura zanin zuwa coci, jakarta a cinya, katin a hannu. Tun safe ba ta yarda ta shiga ciki ba, kar a zo ba ta nan. Da ta ji tsayuwar mashin ta juyo da fuska wajen da ba mu ba.

"Torkuma, kai ne? Likitocin dai suna jiranmu ko?"