Ƙwallayen Darki a Hoton Ya'u

Isyaku mai tsaron gidan Taurarin Gada yana kwance a zaure, ƙafar dama a ɗaure da karan ɗori, abu ɗaya ke cinsa: ƙwallon nan da ya shiga ragarsa ranar wasan ƙarshe, shi ya hana su kofi ko kuwa?

Ga yadda abin ya faru. Suna cin Sabon Gari uku da nema, an kusa tashi, sai aka ɗago wani ƙwallo sama. Maimakon ya naushe shi waje, sai Isyaku ya ce kamawa zai yi, don 'yan kallo su ga gwaninta. Ƙwallo ya suɓuce, ya gangara raga, shi kuma ya sauko a kan ƙafa ɗaya, ji kake ƙas! A ranar su ma 'yan Darki suna can suna wasa da Ɗankaza, kuma kofi dai Darki ya tafi. Wannan kowa ya gaya masa. Amma da ya tambayi da nawa aka fi su, sai masu dubiya su koma zancen ƙafa. “Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi.” Shi ke nan, sai su nemi takalmansu.

Yayansa Ya'u mai hoto ne a bakin tasha. Shekarun nan kuɗi sun shigo ƙasa, kowa na son zuwa Makka, kowa na son fasfo, Ya'u ko abinci a tsaye yake ci. Kuma gwani ne wajen gyaran fim: da fensir da reza zai share wa dattijo tamojin goshi, har matarsa ta karɓi hoton ta ce wane saurayi ne wannan. Shi ya tallafi Isyaku tun rasuwar mahaifinsu, shi ya saya masa takalmin ƙwallo na farko, shi ne kuma ba ya iya kallon wasa in an nufo ragar ƙanensa, sai ya ɓuya a bayan kyamara.

Wata la'asar Ya'u ya shigo da hoto a ambulan.

“Ungo, sarkin tambaya. Allon gasa ne da ke makarantar firamare, na ɗauko maka shi yadda sakatare ya rubuta. Darki bakwai suka zazzaga wa Ɗankaza. Ko da ƙofar ƙarfe ka rufe ragarka, ba za mu kamo su ba.”

Isyaku ya kai hoton kusa da ido. Ƙungiya huɗu, kowacce wasa shida. Darki: ci huɗu, canjaras ɗaya, faɗuwa ɗaya, maki tara, tunda ci maki biyu ne, canjaras ɗaya. Taurarin Gada ma haka, tara cif. In maki ya zo ɗaya sai a duba bambancin ƙwallaye, wato a cire waɗanda aka ci ka daga waɗanda ka ci. Su sun ci sha uku, an ci su bakwai, saura shida. Darki sun ci sha bakwai, an ci su biyar, saura sha biyu.

Wayyo, daɗi! Isyaku ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ƙirji. Ranar har ƙarin tuwo ya nema, Uwa, mahaifiyarsu, tana ta hamdala a tsakar gida.

Washegari da hantsi tausayi ya sa ya sake ɗaukar hoton. Bilya ya tuna, mai tsaron gidan Ɗankaza, abokin wasansa tun suna tsallaka kogi zuwa kiwo. Bakwai a wasa ɗaya! Ina Bilya zai sa kansa a kasuwar Juma'a? Ya bi layin Ɗankaza da yatsa don ya ga yawan ɓarnar. An ci su sha ɗaya.

Yatsan ya tsaya. Kafin wasan ƙarshe tara aka ci Bilya, wannan Isyaku ya sani sarai, don har tsiya ya yi masa a kai. Tara da bakwai ai sha shida ne.

Ya ce ko idonsa ne. Ya tara maki: tara, tara, huɗun Ɗankaza, biyun Sabon Gari, ashirin da huɗu. Wasa sha biyu, kowanne yana raba maki biyu, daidai ke nan. Ya koma ƙwallayen da kowace ƙungiya ta zura: sha bakwai, sha uku, shida, huɗu, arba'in. Waɗanda suka shiga ragar kowacce: biyar, bakwai, sha ɗaya, sha biyu, talatin da biyar. To fa! Ƙwallo ai ba ya ciwuwa sai ya shiga ragar wani. Ya karkata hoton wajen hasken ƙofa. Allin sakatare mai kauri ne, duk ya yi burɗi-burɗi, amma lambobi biyu a layin Darki sun fita siriri, sumul, kamar goshin maniyyaci.

Bai yi fushi ba. Ya ajiye hoton a gefen katifa, ya jira Ya'u.

Da Ya'u ya dawo cin abincin rana, ya zauna a bakin katifa yana tambayar ƙafa.

“Yaya, ƙwallo biyar na Darki, a ragar wa suka shiga?”

“Wace irin tambaya ce wannan? Ragar Ɗankaza mana.”

“Ba su isa can ba. Ka ba Darki, ka manta ka ɗora wa Bilya.”

Ya'u ya karɓi hoton, ya daɗe yana kallo. Ya buɗe baki zai ce sakatare ne ya yi kuskure, sai ya fasa, don ba zai iya ɗora wa bawan Allah laifin da ba nasa ba. Ya sosa ƙeya.

“Kai dai ka cika naci, wallahi. Tun kana yaro.”

“Nawa ne?”

“Biyu suka ci. Sha biyu ke nan, an ci su biyar, saura bakwai.”

Isyaku ya rufe ido. Ba sai an ƙarasa masa ba. Da ya naushe ƙwallon nan, su ma bakwai ne, kuma in an yi daidai a nan, wanda ya fi zura ƙwallo ke ɗauka. Sha uku ta fi sha biyu. Hawaye suka gangaro masa har cikin kunne, bai share ba.

“Ni ne ke nan.”

“Kai ne,” in ji Ya'u. “Na ga ba ka cin abinci, na ga Uwa tana kuka a madafa. Na bi yaran ƙungiyarku ɗaya bayan ɗaya na ce kowa ya kama bakinsa. Abin da na iya ke nan, Isyaku, ban iya komai ba sai gyaran hoto.”

Can waje wata tirela ta hau gada, ƙasa ta ɗan girgiza.

“Yaya, ka ɗauko wani.”

“Wani me?”

“Hoton allon, kafin a goge. Yaran nan sun sha rana, sun sha duka, sun kai Darki har bakin ƙofa. Kai kuma ka mayar da mu waɗanda aka tsere wa da shida. Da ɗaya aka fi mu. Ɗayan nan nawa ne, ka bar mini kayana.”

Ya'u ya goge fuska da hannun riga, ya yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka.

“In ka sake ƙin cin tuwo fa?”

“Zan ci. Ka wanke hoto sha ɗaya, kowa a ba shi nasa. Ka kuma ce su zo gobe, su daina tambayata ƙafa. Ina da haƙurin da zan ba su.”

Ya'u ya miƙe, ya rataya kyamara. Har ya kai bakin zaure ya dawo, ya dafa kan ƙanensa kamar yadda yake yi masa yana ƙarami, sannan ya fita ko abincin bai taɓa ba.