Minti Huɗu Zuwa Banɗaki

Mama ba ta ba wa kowa saƙon wasiƙar ba, da hannunta ta miƙa wa shugaban makaranta, haɗe da takardar likita.

Ta rubuta cewa autarta, 'yar aji huɗu, tana fama da kumburin babban hanji. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma magani kwantar da shi kawai yake yi. In ya motsa, bayan gida kan matso ta babu sallama, wani lokacin har da jini. Don haka tana roƙon kujera kusa da ƙofa, izinin fita ba sai ta ɗaga hannu ba, da makullin banɗaki nata na kanta.

Shugaban ya cire tabarau. "Hajiya, kujera da izini an ba ta. Makulli kuwa a ofishina yake kwana. Ta zo ta karɓa kamar kowa."

"To, Malam, taso mu gwada. Yau kai ne Auta."

Ya yi dariya, amma ya tashi. Daga ƙofar aji suka ratsa fili zuwa ofis, suka ɗauki makulli, suka zagaya bayan ɗakin karatu, inda banɗakin yake. Kwaɗon ma sai da ya yi gardama. Mama ta nuna masa agogon wayarta.

"Minti huɗu. Ita ko ɗaya ba kullum take samu ba. Sau biyu ke nan tana dawo mini da hijabi ɗaure a ƙugu, tana cewa ta bar makaranta."

Shugaban ya daina dariya. Ya zare makullin daga zoben makullai, ya sa mata a tafin hannu.

"Ki yanko mata irinsa, ki dawo mini da wannan gobe."