Layin da Ya Ƙare da 47

"Ni ban ce ya ɗauka ba," in ji Haidar. "Cewa na yi a mota na bar ta."

"A mota ka bar ta?" Raliya, yayarsa, ta jingina da ƙofar ɗakin ta harɗe hannu. "Ina kan baranda lokacin da Baba Hamisu ya sauke ka. Wayar na hannunka, kana latsawa har ka shige falo. Daga baya ka sulale ta ƙofar baya ka tafi Hotoro. Ni za ka yi wa wannan?"

"To me ya hana ki faɗa a ranar?"

"Jira nake in ga ko kana da kunya."

"Yaya Raliya, don Allah fita min daga ɗaki."

Ta fita, ba ta ko ja ƙofar ba.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da ɓatan wayar. Haidar ya san inda ta ɓata, ko aƙalla ya san tsakanin ina da ina: tsakanin filin ƙwallon Hotoro da adaidaita sahun da ya dawo da shi. Abba ya hana shi zuwa filin tun faɗan da aka yi aka fasa wa wani yaro kai. Da Abba ya tambaye shi ina wayar, bakinsa ya riga shi, ya ce a mota. Aka duba mota, babu. Daga nan Abba ya sa aka fito da kayan ɗakin Hamisu direba tsakar gida, gaban maigadi da kuku, aka zazzage har buhun garinsa. Ba a ga komai ba. Duk da haka kafin la'asar Hamisu ya miƙa mukullin mota. Shekararsa goma sha shida a gidan.

Washegari aka sayo wa Haidar sabuwar waya da sabon layi. Ba wayar ce ta dame shi ba.

Ya juya kan kwamfuta. Allon na nan yadda ya bar shi: sunan akawun, kalmar sirri, sai ɗan akwati mai gurbi shida yana jiran lamba.

Akawun ɗin gem ne, wasan kwamfuta, na yayansu Badaruddeen, wanda ciwon sikila ya ɗauke shekara biyu da suka wuce. Shekara biyar su biyu suna gina wani gari a cikin gem ɗin, a kan tsibiri. Badar ya yi masallaci, ya yi gada, ya fara wani gida mai hawa uku bai rufa saman ba. Saƙonninsa ma suna ciki, irin su "kai ɗan ƙauye, wa ya ce ka sa taga a nan". Haidar bai taɓa ƙarasa rufin ba. Yakan shiga ne ya tsaya a kan gadar, ya karanta saƙo biyu uku, ya fita.

Bara wani ya yi ta gwada shiga akawun ɗin daga wata ƙasa. Shi ya sa Haidar ya kunna kariya mai mataki biyu. Ya saukar da manhajar tantancewa a wayarsa, ya haska hoton murabba'in nan mai ɗige-ɗige da allon ya nuna, manhajar ta fara fitar da lamba shida da ke canjawa duk daƙiƙa talatin. Daga ranar, kalmar sirri kaɗai ba ta buɗe ƙofa. Sun nemi lambar waya don ko-ta-kwana, ya sa tasa. Sun kuma ba shi wasu lambobi goma, kowace sau ɗaya ake amfani da ita, suka ce ya rubuta a takarda ya adana nesa da wayar. Shi kuwa ya ɗauki hoton allon da wayar, ya ce gobe zai kwafa. Hoton bai taɓa fita daga cikinta ba.

Kuskuren da ya fi ci masa rai shi ne na ranar da ta ɓata. Kwamfutar na cikin akawun ɗin, ba ta neman komai. Tsoro ya kama shi kar wanda ya tsinci wayar ya shiga ya rushe garin, sai ya danna inda aka ce a fitar da duk na'urori. Aka fitar da su duka, har da kwamfutar da yake zaune a gabanta.

Ya rubuta wa masu gem ɗin. Bayan kwana huɗu suka amsa cikin ladabi: ya turo saƙo daga imel ɗin da aka buɗe akawun da shi, ko rasit ɗin sayayyar farko, ko lambobi huɗu na ƙarshen katin da aka biya da shi. Imel na Badar ne, babu wanda ya san kalmar sirrinsa. Katin ma nasa ne, banki ya rufe tuntuni. Haidar ya rubuta musu cewa mai akawun ya rasu, shi ƙaninsa ne. Suka yi masa ta'aziyya, suka ce ba za su cire kariya ba sai da hujjar mallaka.

Hanya ɗaya ta rage, tana nan ƙasan akwatin da ƙananan haruffa: idan ba ka tare da manhajar, za mu aika lamba zuwa layin da ya ƙare da 47.

Ya je ofishin kamfanin layin a dawo masa da shi. Matar da ke kan kwamfuta ta buga lambar, ta dube shi.

"Kai ne Hamisu Lawan?"

"A'a. Amma layina ne, shekara huɗu ina amfani da shi."

"Ba sunanka ne a kai ba. Mai shi zai zo da kansa, da lambar katinsa na ɗan ƙasa, mu ɗauki fuskarsa. Tunda ba ku da kwalin sim ɗin, ya haɗo da takardar rantsuwa daga kotu. Kuma kar ku yi sanya, layin da ya daɗe ba ya aiki sayar wa wani ake yi."

Sai a lokacin ya tuna. Yana da shekara goma sha biyar aka saya masa wayar farko, aka ce yaro ba ya rajista. Abba ba shi da lokacin bin layi, ya ce Hamisu ya tsaya a hanya ya yi da sunansa.

Kwana uku yana juya maganar. Ranar Talata da safe ya tambayi maigadi kwatancen gidan Hamisu, ya hau adaidaita zuwa unguwar Gama.

Ya same shi a bakin wani lungu, zaune kan benci kusa da mai faci, yana gyara zip ɗin jakar makarantar wata yarinya da filaya. Ya rame. Hular da Abba ya ba shi da ƙaramar salla ce a kansa.

"Baba Hamisu, ina kwana."

"A'a, Alhaji ƙarami. Yau kai ne a unguwar talakawa? Ya Hajiya? Ya Raliya?"

"Lafiya lau."

"An ga wayar?"

"Ba a gani ba."

Hamisu ya ci gaba da matsa zip ɗin. Haidar ya tsuguna ya yi bayani, a gajarce, idonsa na kan kwata. Da ya zo kan lamba shida da daƙiƙa talatin, Hamisu ya ɗaga masa hannu.

"Bar wannan, ba zan gane ba. Wasan nan ne da marigayi yake yi a gadon asibiti, kwamfuta a kan cinyarsa?"

"Shi ne."

"Ya taɓa nuna min. Ya ce ya yi min gareji a ciki. Na ce masa ko a wasa ma direba zan zauna?" Ya yi 'yar dariya, ta tsaya nan da nan. "Gida uku na je neman aiki a unguwarku, Haidar. Kafin in isa, labari ya riga ni. Masu gadi ba sa ɓoye wa juna komai. Na ƙarshen ma ta taga ya sallame ni."



Hamisu ya ajiye filayar, ya shiga gida. Ya fito da katinsa a cikin leda, ya canja riga.

"Mu je. Don Badar."

Suka hau adaidaita zuwa kotu. Hamisu ya zauna a gefe, yana kallon yadda yaron mai adaidaitar ke tuƙi, ƙafarsa na taka birkin da babu shi.

A harabar kotun akwai masu buga takardu a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Suka zauna gaban wani dattijo mai tabarau da tsohuwar kwamfuta a kan tebur. Ya karɓi katin, ya buga suna, ya buga unguwa, ya nemi lambar layin. Haidar ya karanto masa ita da ka, har zuwa 47.

"Madalla. Ranar da ya ɓata?"

Haidar ya faɗa.

"A ina, kuma ta yaya? Faɗuwa ya yi ko sacewa aka yi? Dole a rubuta. In na gama ku shiga ciki, mai layin ya rantse a gaban jami'i, a buga hatimi."

"Malam, rubuta kawai ya ɓata," in ji Haidar.

"Dakata," in ji Hamisu. Bai ɗaga murya ba. "Ni ne zan rantse, ko ba haka ba?"

"Kai ne," in ji dattijon.

"To ni ban san inda ya ɓata ba. Ban taɓa rantsuwa a kan abin da ban sani ba, ba kuma zan fara yau ba. Malam, in ka buga ka fitar min da biyu. Ɗaya ta kamfani. Ɗayar zan kai wa maigidana na dā, ya karanta da idonsa."

Dattijon ya ɗaga yatsunsa daga kan madannai, ya dubi wannan, ya dubi wancan ta saman tabarau. A bayansu wata mata mai goyo ta fara tsaki, tana cewa mutane su yi sauri.

 In Haidar ya yi shiru, Hamisu zai mayar da katinsa cikin leda ya koma Gama, wata rana kuma layin ya zama na wani baƙo, garin ya zauna a kulle har abada. In ya buɗe baki, yau ɗin nan takardar za ta isa teburin Abba da hatimin kotu a jikinta.

Hamisu ya juyo gaba ɗaya ya fuskance shi. Babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Kai kaɗai ka sani, Haidar. Malam na jira. A ina zan ce ya ɓata?"