Yadda Marwa Ya Gabatar da Baƙuwa

Ranar taron makiyaya a Kore Mairuwa, Marwa Altine, sakataren ƙungiya, shi aka ba gabatar da babbar baƙuwa, likitar dabbobi Bushira Auwal. An miƙo masa takarda da Faransanci, cike da sunayen makarantu da muƙamai. Ya dubi jama'a, ya ga rana ta yi zafi, wasu har sun fara zamewa kasuwa. Sai ya tuna hirar da ya yi da ita da safe, da labarin da ta yarda ya bayar. Ya naɗe takardar.

"Jama'a, kun tuna shekarar da ciwon huhu ya faɗa wa shanu?" in ji shi. "Wata ɗiya ta zo bisa babur da allurar rigakafi, muka ce ba ta taɓa muna dukiya. Ba ta yi fushi ba. Ta fara da garken mahaifinta a gaban kowa, ta kwana rugga-rugga har muka yarda. Shanun da aka yi wa allurar, ciwon bai kama su ba."

Wani dattijo, Kawu Sambo, ya miƙe ya ɗaga sanda. "Har da nawa!"

"To, ɗiyar nan ta ƙaro karatu, yanzu ita ke koyar da likitoci a Yamai. Ga Dakta Bushira!"

Guɗa ta tashi, masu tafiya suka dawo da sauri. Marwa ya miƙa mata lasifika, daɗi ya cika shi. Sai da ta jira tafi ya lafa kafin ta yi sallama.