Mutum Ashirin da Uku

Daga Bompai har Challawa babu masana'antar da ta taɓa yaye 'yan makarantar rainon yara da riguna da huluna irin na jami'a, kuma tarihi zai rubuta cewa Alhaji Gwadabe, manajan ma'aikata na masaƙar bargo, shi ne ya fara. Haka ya shaida wa Malama Safiyatu ranar Laraba, yana riƙe da jawabin da ta rubuta masa a hannun hagu, jan biro a hannun dama.

Malama Safiyatu ita ce malamar ajin, ita ce shugabar makarantar, ita ce kuma mai wanke wandon duk wanda bai kai bayi da wuri ba. Kamfanin ya buɗe ajin ne don 'ya'yan ma'aikatansa a shekarun da kuɗin mai ke zuba. Yanzu, a 1984, zare ya yi wuya, rabin injinan an lulluɓe su da tamfol, amma Alhaji ya ce ilimi ba ya jiran zare.

Jawabin shafi uku ne. Shafi na farko gaisuwa ce, kowa a matsayinsa: babban baƙo daga ofishin ilimi, mai unguwa, liman, manyan ma'aikata, sannan iyaye. Daga nan sai jimlar da ke cewa a yau makaranta ta yaye yara ashirin da uku. Shafi na biyu na yaran ne, kowanne da layinsa, abin da ya iya a bana wanda bai iya ba bara. Shafi na uku godiya ce ga iyaye, inda za a kira sunan kowane uba ya miƙe a tafa masa.

Alhaji bai wuce shafi na farko ba ya tsaya. Ya ce kalmar yaye ba ta yi masa ba. Yaye na jariri ne da aka shafa wa uwarsa maɗaci a nono aka kai shi gidan kaka, shi kuwa ba zai tsaya gaban mutumin ofishin ilimi yana zancen nono ba. Ya soke ta ya rubuta sallama. Ya soke makaranta ya rubuta kamfani, tunda kamfani ne ya sayi alli. Ya soke yara ya rubuta mutum, domin duk wanda ya sa hular digiri ya wuce a kira shi yaro. Shafi na biyu kuwa layi ɗaya ya ja masa daga sama har ƙasa, ya ce babban baƙo bai taso daga ofis don jin wanda ya iya ɗaure takalmi ba.

Ta buɗe baki za ta yi magana a kan kalmar sallama, sai ta ga yana shirin juya shafi na uku. Ta miƙa hannu ta karɓi takardun, ta ce za ta sake bugawa yanzu.

Dalilinta yana layi na goma sha tara a wannan shafin: Uwaisu Ado. Wata biyu ke nan da aka rage ma'aikata aka haɗa da shi, kuma dokar makarantar a fili take, ranar da uba ya bar aiki ranar ɗansa ke barin aji. Malama Safiyatu ba ta cire 'yarsa Ma'u daga rajista ba. Yarinyar ta shekara guda a ajin ba ta ce uffan ba, sai a bana bakinta ya buɗe, kuma takardar shaidar nan ce za ta ba ta kujera a firamare ba tare da uban ya yi ta sintiri ba. Kullum da safe Uwaisu kan kawo ta a keke ta ƙofar baya, ya sauke ta, ya wuce neman aikin dako a rumbunan ajiya. Malama ta san idan Alhaji ya gano, aikinta ne a bakin ƙofa. Ta yi tunanin tsallake sunan. Sai ta tuna cewa Ma'u ta iya ƙirga, za ta san an kira uban kowa ban da nata. Ta buga sunan yadda yake.

Ranar Asabar aka yi bikin a ɗakin cin abincin ma'aikata. An ture tebura gefe, an aro lasifika daga masallacin kamfani. Rigunan yaran daga ragowar bargo aka ɗinka su aka rina baƙi, don haka tun kafin a buɗe taro da addu'a masu digirin suka fara naso. Hulunan na kwali ne da jelar zare. Iyaye maza an taso su daga aikin safe da kayan aikinsu, auduga a gashin gira, aka jera su a benci. Matan suna baya da goyo. Uwaisu ya zauna can ƙarshen benci, shi kaɗai cikin farar riga ta Juma'a.

Yaran suka yi taken ƙasa, kowa da inda ya kama. Suka karanta Fatiha, wannan kam tare. Suka yi waƙar haruffa har zuwa inda ta saba kuɓuce musu. Sannan Alhaji Gwadabe ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya hura lasifikar sau biyu. Gaisuwar kaɗai ta ci minti goma, domin ya ƙara wa kowane babba laƙabi daga aljihunsa. Ya ɗaga kai ya dubi bencin ma'aikata, ya karanta da muryar da ya tanada don tarihi:

"A yau, kamfani ya sallami mutum ashirin da uku." Ya juya shafi. "Duk wanda ya ji sunansa, ya miƙe tsaye."

Fankar sama kaɗai ake ji. A ɗakin nan ne aka karanta sunayen waɗanda aka rage wata biyu da suka wuce, da wannan muryar, kuma ran nan ma, kamar yau, sai da aka raba lemo tukuna. Wata mata a baya ta fara salati ƙasa-ƙasa.

"Lawan Mamman."

Lawan Mamman, mai kula da injin kaɗi, ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Na kusa da shi ya matsa kaɗan. Alhaji ya sake kiran sunan, ya duba ta saman tabarau, ya wuce na gaba. Na biyu bai tashi ba. Na uku ya zame ƙasa a benci har hularsa kaɗai ake gani. Da aka kai na bakwai, wani dattijo daga sashen rini ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Ranka ya daɗe, a bari ko yaran su fita tukuna."

Alhaji bai gane ba. Ya ɗauka kunya ce irin ta mutanen karkara, waɗanda ba sa so a yabe su a kan 'ya'yansu a bainar jama'a. Ya yi wa babban baƙo murmushi, ya ci gaba da kira, kowane suna ya faɗa ƙasa ba wanda ya ɗauka. Malama Safiyatu tana tsaye bayan yaran tana gyara wa wani hula da ba ta karkace ba.

"Uwaisu Ado."

Uwaisu ya miƙe. Shi an riga an sallame shi, ba abin da ya rage a yi masa. Ya tsaya cikin farar rigarsa yana kallon ƙasa, don Ma'u 'yar fari ce, ko sunanta ba ya faɗa. Babban baƙo, wanda ya gaji da jiran abin tafawa, ya tafa da ƙarfi, ya ce a lasifika irin wannan ma'aikaci ne ƙasa ke bukata. Daga cikin masu baƙaƙen riguna wata ƙaramar murya ta ce, "Babana ne." Alhaji ya cire tabarau ya dubi mutumin da kyau. Ya san fuskar. Shi ya miƙa masa ambulan ɗin sallama.

Malama Safiyatu ta ga yara biyu sun fara kuka saboda iyayensu mata na kuka. Ta tako gaba, ta ce Alhaji ya yi haƙuri, akwai ɗan shafi da ya maƙale. Ba ta jira amsa ba, ba ta kuma taɓa lasifikar ba, muryar aji ta ishe ta. Ta ce yaye ake yi yau, yaye na makaranta, ba wanda aka kora. Sannan ta faɗi shafi na biyu da ka. Jummai Lawan ta iya ƙirga ashirin, kuma ta daina cizo. Muntari ya iya rubuta sunansa, ko da yake harafin ƙarshe yakan kwana a kan tebur. Rakiya ta san ja da kore da shuɗi, ta kuma san cewa alli ba abinci ba ne. Fanna, da ta zo ba ta jin Hausa, yanzu ita ke raba faɗa. Ma'u Uwaisu ta yi magana, kowa ma ya ji. Ta ce iyaye, ku kuka tashe su da asuba, kuka wanke su, kuka kawo su kafin ƙahon kamfani ya busa, mu abin da kuka kawo muka ɗora a kai. Mun gode.

Lawan Mamman ne ya fara dariya, irin ta wanda mota ta wuce ta gefen ƙafarsa. Sai ɗakin duka ya ɗauka. Maza suka miƙe, har waɗanda ba su da ɗa a ajin. Aka raba takardun shaida naɗe da jan zare, ta Ma'u ma a ciki, da sa hannun Alhaji tun ranar Alhamis. Mai hoto ya jera yaran a rana, babban baƙo ya ce a aika masa da kwafin jawabin malamar, zai nuna wa wasu makarantu.

Ranar Litinin da ƙarfe tara aka kira Malama Safiyatu ofis. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce mai kamfanin ya ji labari, yana so ya san wanda ya rubuta jawabin da ya tayar da hankalin ma'aikata, da kuma wanda ya ajiye 'yar korarre a aji wata biyu. Ya ce abin sauƙi shi ne amsar tambayoyin biyu ɗaya ce. Ta ce haka ne, ranka ya daɗe.

Akawun da ke buga takardun ofishin yana hutu, don haka ita ta zauna gaban tafireta ta buga tata takardar sallamar, kwafi uku, Alhaji na faɗa tana bugawa. Ya sa hannu, ya ba ta ɗaya. Da ta miƙe sai ya duba agogo, ya ce ai aikinta bai ƙare ba sai sha biyu, kuma akwai rahoton nasarar bikin da ake so a kai gidan jarida yau, ita ce ta fi iya tsara irin waɗannan abubuwa.

Ta ninke takardarta ta sa a jaka. Ta koma ta zauna, ta ɗauko farar takarda da sabon kabon, ta tambaye shi sunan wa za a fara sakawa.